Muhalli da Ma'ana a Gajeriyar Sanarwa: Misalin "Ba Shiga"

Sanarwar kan hanya takan zo a taƙaice, ba tare da ambaton wanda ake nufi ba. Muhallin da aka kafa ta shi ke cike wannan giɓi. Alal misali, matafiyi yana iya ɗaukar hoton "Ba Shiga" a wurare biyu. A bakin titi mai hannu ɗaya, ababen hawa aka hana, amma mai tafiya a ƙasa yana iya wucewa. A ƙofar gidan da ake kulle kuwa, baligan maza waɗanda ba muharramai ba ake nufi. Mata da yara suna shiga abinsu.

Ke nan, hoton da ya nuna rubutun kaɗai bai isa hujja ba. Wajibi ne manazarci ya haɗa da titin ko zauren, domin su ne ke fayyace wanda hanin ya shafa.