Matar Audu ko Matan Audu?

Harafi ɗaya ne tsakanin "matar Audu" da "matan Audu", amma shi ke faɗa mana ko mace ɗaya ke gidan ko kuwa akwai kishiya. Wannan ɗan harafi da ke liƙe a ƙarshen suna yana bin abin da aka mallaka ne, ba mai mallakar ba. Shi ya sa muke cewa gidan Binta, amma rigar Audu.

In kana shakka, ɓalle harafin ka mayar da shi cikakkiyar kalma. Riga ta Audu, saboda haka rigar Audu. Gida na Binta, sai gidan Binta. Jam'i kuwa kullum "na" yake ɗauka, ko da tilonsa mace ne: riguna na Audu, rigunan Audu.

Kada wasalin ƙarshe ya ruɗe ka. Gida, ruwa da suna duk sun ƙare da "a", amma jinsin namiji ne.

Inda gwajin ke tuntuɓe, kuma na fi son a kula da shi, shi ne sunan mace da bai ƙare da "a" ba. Muna cewa gwamnati ta Kano, amma a haɗe sai gwamnatin Kano. A nan aikatau ke tona jinsin: gwamnatin Kano ta sanar, ba "ya sanar" ba.