Who ko whom, that ko which: gyara kafin a aika imel

Ma'aikaci ya zauna rubuta wa shugabansa imel da Turanci, sai ya cije: who zai sa ko whom? Ba laifinsa ba ne, domin a Hausa "wanda" ce ke ɗaukar nauyin duka biyun.

Gwajin mai sauƙi ne: ya gwada sa he ko him a gurbin. A "the officer who signed", he signed ake cewa, saboda haka who ta zauna daidai. A "the officer whom we called" kuwa, we called him ne, sai whom. Inda aka fi zamewa shi ne "the applicant whom we think is best". A cire we think, sai a ga he is best ya rage. Ashe who ce.

That da which kuma, waƙafi ke raba gardama. "Send the files that are ready" na nufin a aiko waɗanda aka kammala kawai, sauran su jira. "Send the files, which are ready" na nufin an kammala duka. Turawan Ingila kan sa which ba waƙafi a ma'anar farko, amma a imel ɗin ofis that ta fi fitar da mutum kunya.