Rahoton mai gwajin manhaja: yadda ake kai ƙarar kuskure har a gyara shi

Kafin manhaja ta iso wayar jama'a, akwai mutanen da aikinsu shi ne su latsa ta ko'ina, su shigar mata da abin da ya dace da wanda bai dace ba, su ga inda za ta tuntsure. Su ne masu gwaji. Idan suka ci karo da kuskure, gyara ba nasu ba ne, nasu shi ne su rubuta rahoto ga masu rubuta manhajar. Ana ajiye irin waɗannan rahotanni a manhajoji na musamman, kamar Bugzilla da Mozilla ta fitar a 1998, ko Jira ta kamfanin Atlassian. Duk wadda aka yi amfani da ita, buƙata ɗaya ce: wanda ya karanta rahoton ya iya sa kuskuren ya sake faruwa a gabansa, da hannunsa, ba tare da ya kira wanda ya rubuta ba. In ya kasa, da wuya ya iya gyarawa.

Mu ɗauki misali. Ana gina manhajar biyan kuɗin makaranta. Mai gwaji ta shigar da sunan ɗalibi na gwaji, Ɗanladi Ƙaura, ta biya, ta buɗe rasit, sai ta ga sunan ya lalace. Da za ta rubuta "suna ba ya fita daidai" ta tura, mai gyara zai buɗe tasa manhajar ya rubuta Musa Bello, ya ga komai lafiya lau, ya rufe rahoton. A Bugzilla akwai ma tambarin da ake buga wa irin wannan, `WORKSFORME`, wato ni a wajena yana aiki. Kuma bai yi ƙarya ba.

Don haka sai ta fara da matakai, gurbin da galibi ake sa wa suna `Steps to reproduce`:

1. Shiga manhajar da asusun gwaji na iyaye.
2. Yi rajistar sabon ɗalibi, a gurbin suna rubuta `Ɗanladi Ƙaura` da haruffa masu lanƙwasa.
3. Zaɓi zango na ɗaya, ka biya da katin gwaji.
4. Latsa maɓallin sauke rasit, ka buɗe fayil ɗin PDF.

Kowane mataki aiki ɗaya ne, kuma an faɗi ainihin abin da za a rubuta. A nan ne masu gwaji da yawa ke tuntuɓe, saboda abin da hannu ya saba yi, ido ba ya ganinsa a matsayin mataki. Gogaggen mai gwaji, bayan ya gama rubutu, yakan rufe manhajar ya sake bin matakan nasa ɗaya bayan ɗaya kamar baƙo. Yakan kuma cire duk matakin da kuskuren ke faruwa ko babu shi. Sannan ya faɗi yawan faruwarsa: duk lokacin da aka gwada ne, ko jefi-jefi?

Sai gurbin `Expected result`, abin da ya kamata a gani. Ta rubuta cewa rasit ya nuna sunan kamar yadda aka shigar da shi. Wani zai ce ai wannan a fili yake. A wannan misali, e. Amma sau tari a nan ake gano cewa babu kuskure a lambobin manhajar, saɓanin fahimta ne kawai. Mai gwaji na jin ya kamata rasit ya nuna kuɗin caji daban, mai rubutawa kuma an ce masa ya haɗe su. In an rubuta abin da ake tsammani, tare da inda aka samo shi a takardar buƙatun aikin, gardamar ba ta wuce minti biyar.

Gurbin `Actual result` shi ne zuciyar rahoton, kuma ƙa'idarsa ita ce a kwafo abin da aka gani tsaf, a ajiye hasashe gefe. Dubi dalili. Sunan Ɗanladi na iya lalacewa ta hanya uku, kowacce da tata cutar. In harafin farko ya fito a matsayin ɗan akwati fanko, yawanci bayanin na nan lafiya, salon haruffan da aka sa a rasit ɗin ne ba shi da zanen Ɗ. In ya fito `?anladi`, to a wani wuri an tura sunan cikin tsarin haruffa da bai san Ɗ ba, ya maye gurbinsa da alamar tambaya, kuma in haka aka ajiye shi a rumbun bayanai, harafin ya tafi ke nan. In kuwa ya fito `ÆŠanladi`, labari ya sha bamban. A tsarin UTF-8 harafin Ɗ yana cin bayit biyu, `C6` da `8A`. Idan wani sashe na manhajar ya karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, sai ya ɗauki kowane bayit harafi ne mai zaman kansa, ya fito da Æ da Š.

Mai gwajinmu na uku ta gani. Ta kwafa shi yadda yake, ta haɗa da hoton allo da fayil ɗin rasit. Ta ƙara layi ɗaya mai daraja: a shafin jerin ɗalibai sunan yana fita daidai, a rasit kaɗai yake lalacewa. Da wannan layin mai gyara ya san rumbun bayanai ba shi da laifi, ya nufi sashen da ke haɗa rasit kai tsaye. Da cewa ta yi "ina jin rumbun bayanai ne ya lalace", da ta aika shi farauta a dajin da babu nama.

Saura lambar bugu, gurbin `Build`. Jama'a sun saba ganin lamba irin 2.4.1, amma a cikin gida ana iya harhaɗa manhajar sau da dama a yini guda, duk ƙarƙashin wannan lamba. Shi ya sa kowane harhaɗi ke da tasa lambar. A Android, wadda mutane ke gani ita ce `versionName`, ta cikin gida kuma `versionCode`. Mai gwaji ta rubuta `2.4.1 (318)`, ta ƙara irin wayar, da bugun Android ɗin da ke kanta, da cewa a sabar gwaji ta yi aikin, ba wadda jama'a ke amfani da ita ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta sauke bugu na 317 ta bi matakan nan huɗu, sunan ya fita garau. Ke nan kuskuren ya shigo ne tsakanin 317 da 318, kuma mai gyara zai duba sauye-sauyen da aka yi a wannan ɗan tsakanin kawai, maimakon ya tona manhajar gaba ɗaya. In sauye-sauyen suna da yawa, akwai umarnin `git bisect` da ke raba su gida biyu, a gwada, a sake rabawa, har a kama wanda ya kawo matsalar. Lambar tana da amfani a ƙarshe ma: in aka ce an gyara a 321, mai gwaji za ta tabbatar 321 ɗin ce a wayarta kafin ta sake gwadawa. Rahotanni da dama ana sake buɗe su ne kawai don an gwada gyara a kan tsohon bugu.

A ganina, laifin da ya fi ɓata aiki bayan rashin lambar bugu shi ne cusa matsaloli biyu a rahoto ɗaya. In ta lura kwanan wata ma ya karkace a rasit ɗin, wannan sabon rahoto ne, domin in an gyara suna aka rufe, batun kwanan wata ya bi shi ya nutse.

Kai ma mai karatu, ranar da manhajar banki ko ta sayen kati ta ba ka matsala, kafin ka rubuta wa masu ita, duba lambar bugunta a shafin saituna, ka ɗauki hoton allo, ka faɗi abin da ka latsa bi da bi da abin da ya fito. Sai dai ka rufe lambar asusunka a hoton, kuma kada ka taɓa tura lambar sirri.