Katin Hatimi a Gidan Burodi: Abin da Ake Rubutawa da Lissafin da Ke Ƙarƙashinsa

Duk wanda ya saba shiga kasuwa a ƙasar Hausa ya san gyara. Mai tumatir ta ƙara maka ƙwaya biyu a kan kashi, mai ƙosai ta jefa maka ɗaya bayan ta gama ƙirga na kuɗinka. Ba a rubuta wannan a ko'ina, ido ne da sanayya. To amma gidan burodin da ke sallamar ɗaruruwan mutane a rana, kuma yaran kanta suna canji safe da yamma, ba zai iya riƙe fuskar kowa ba. Wanda ya shekara yana saye da wanda ya shigo yau sai su zama ɗaya a wurin sabon yaron da aka ɗauka. Wannan giɓin ne katin hatimi yake cikewa: ɗan kati mai gidaje, duk sayen da aka yi a buga hatimi a gida ɗaya, idan gidajen suka cika a ba mai katin wata ƙaramar kyauta.

Dabarar ta daɗe. A Amurka kamfanin Sperry & Hutchinson ya fara fitar da irin waɗannan takardun lada tun 1896, masu shaguna suna ba abokan cinikinsu, su kuma suna liƙawa a littafi har ya cika su musanya da kaya. A Birtaniya Green Shield Stamps ta fara a 1958, kuma daga cikinta ne shagunan Argos suka fito a 1973. Katin da ake gani yau a wuraren sayar da burodi da shayi jikan wannan tsari ne, sai dai ya fi sauƙi, domin shago ɗaya ne ke bayarwa kuma shi ne ke biya.

Abin da ke rayar da katin ko ya kashe shi shi ne 'yan kalmomin da aka rubuta a jikinsa. Rubutun nan alkawari ne tsakanin mai gida da mai saye, don haka dole ya amsa tambayoyi huɗu kafin a yi su: me zan saya in sami hatimi, hatimi nawa ake buƙata, me za a ba ni, kuma zuwa yaushe katin yake aiki. Da yawa daga katunan da ke mutuwa a aljihu sun cika da kirari ne, irin su "ku zo ku ci gajiyar gagarumar garaɓasa", alhali ba su faɗi ko ɗaya daga cikin huɗun ba. Mai saye ba zai adana takardar da bai san abin da take binsa ba.

Kafin a rubuta harafi ɗaya, sai an zauna da biro an yi lissafi. Mu ɗauki misalin wani gidan burodi na unguwa, da alƙaluman da muka sa don bayani kawai. Babban burodi ana sayar da shi naira 1,200, kuɗin fulawa da sukari da bota da yis da wuta da leda da ladan ma'aikata sun tashi 950, riba ta zama 250. Wanda ya sayi guda 10 ya bar wa gidan ribar 2,500. Idan aka ce na goma sha ɗaya kyauta ne, a idon mai saye ragin bai wuce kashi 9 cikin ɗari na kuɗin burodin da ya ɗauka ba. A aljihun mai gida kuwa 950 ne suka fita daga 2,500, wato kashi 38 cikin ɗari na ribar. Nan ne masu burodi da yawa suke tuntuɓe, domin suna auna kyautar da kuɗin ciniki, ba da riba ba.

Idan aka sauya kyautar zuwa ƙaramin burodi da ake sayarwa 500, wanda yinsa ya ci 380, abin da ya fita daga ribar ya sauko zuwa kusan kashi 15 cikin ɗari. Akwai kuma wata hanyar dubawa da ta fi amfani. Katin yana biyan kansa ne idan ya sa mutum ya yi sayen da da ba zai yi a nan ba. Da ƙaramin burodi, ƙarin saye biyu a kowane kati ya isa ya mayar da kuɗin kyautar. Da babban burodi sai an sami huɗu. Shi ya sa ƙaramar kyauta ta fi dacewa da sana'ar da ribarta siririya ce, kuma shi ya sa ba a buga kati dubu kafin a gama wannan lissafi.

Yawan gidajen ma yana da ma'auni. Gidan da ake sayen burodi sau uku a mako zai cika hatimi 10 cikin mako uku da 'yan kwanaki, tazarar da mutum zai iya hangowa. Idan aka ce 20, an kai shi kusan mako bakwai, kuma kafin nan katin ya jiƙe a wanki ko ya ɓace. Akwai binciken da ya haska wannan wuri. A 2006 Joseph Nunes da Xavier Drèze sun buga sakamakon gwajin da suka yi a wani wurin wankin mota a Amurka, inda suka raba kati 300. Wasu an ba su kati mai gida 8 babu ko hatimi ɗaya, wasu kuma mai gida 10 da aka riga aka buga wa biyu. Kowa wanki takwas ya rage masa. Amma kashi 34 cikin ɗari na masu katin da aka fara musu sun kai ƙarshe, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 19 ne kawai. Mutum ya fi son ƙarasa abin da ya ga an soma fiye da fara sabo. Don haka gidan burodin namu zai iya buga kati mai gida 12, ya buga biyun farko a gaban mai saye ranar da aka ba shi.

Da wannan lissafi a hannu, ga abin da gaban katin zai iya ɗauka:

"Mun gode da cinikinku. Duk babban burodi ɗaya da kuka saya, hatimi ɗaya. Idan gida 12 suka cika, ku karɓi ƙaramin burodi kyauta. Biyun farko daga gare mu ne."

A bayansa kuma:

"Ku nuna katin lokacin biya. Hatimi ba ya wuce uku a rana. Katin na masu sayen ɗaiɗai ne, ban da sari. Yana aiki wata uku daga ranar da aka rubuta a ƙasa. Wanda kuka aiko da katin za a buga masa."

Kowace jimla a nan tana da aikin da take yi. An ce "kuka saya" da "ku karɓi" domin katin zai shiga hannun dattijo da matar aure da saurayi, kuma "ku" ta ɗauke kowa cikin girmamawa ba tare da an zaɓi "ka" ko "ki" ba. An ambaci sunan kyautar ƙarara. Idan aka rubuta "kyauta ta musamman", kowa zai ƙiyasta tasa a zuci, ranar karɓa kuma a tashi da ɓacin rai. An ce "babban burodi", domin idan aka ce "duk saye", wani zai sayi cincin na naira ɗari ya miƙo kati, kuma gaskiya tana tare da shi.

Sharaɗin sari yana kare gidan daga asara mafi sauri. Mai shayi ko mai shagon unguwa da ke ɗaukar burodi 30 kowace safiya ya riga ya sami ragin sari. Idan aka bar shi da kati, zai ci ragi biyu a kan ciniki ɗaya. Shi tsarinsa daban ne, kuma gara a faɗa masa tun farko da a hana shi a gaban mutane. Jimlar ƙarshe kuwa ta san yadda gidajenmu suke: sau da yawa ba maigida ko uwargida ke zuwa ba, yaro ake aikowa. Katin da aka ɗaure wa sunan mutum ɗaya ya kulle ƙofa ga rabin masu sayen.

Ba kowane abokin ciniki ne ke karanta boko ba, saboda haka zanen katin ya kamata ya yi magana da kansa. A sa hoton burodi a gida na ƙarshe, yadda ko ba a karanta ba za a gane inda aka nufa. Inda masu karanta ajami suke da yawa, a sa babban alkawarin da ajami a ƙarƙashin na boko. Sannan rabin aikin a bakin mai kanta yake. A koya masa magana guda gajeriya, kamar "Hajiya, ga katinku, saura uku ku karɓi naku." Wannan "saura uku" ta fi duk wani allon talla ƙarfi, domin mutane sukan ƙara himmar saye idan suka ga sun kusa cikawa.

Matsaloli ba sa rasa zuwa. Hatimin roba abu ne da ake sassaƙawa a kasuwa da ɗan kuɗi, kuma yaron kanta na iya buga wa abokinsa biyar a saye ɗaya. Maganin shi ne a sa wa kowane kati lamba, hatimin ya zauna a hannun mutum ɗaya a kowane zango, a kuma rubuta a littafi katin da aka bayar da wanda ya dawo cike. Idan kati ya cika cikin kwana biyu alhali ƙa'ida uku ce a rana, akwai magana. Idan kyautar da ke fita tana ƙaruwa amma cinikin babban burodi yana nan inda yake, to ko dai ana maguɗi, ko kuma ana biyan mutane lada a kan sayen da dama za su yi. Idan kuma aka raba kati ɗari, bayan wata biyu waɗanda suka dawo ba su kai goma ba, tazarar ta yi nisa ko kyautar ba ta burge kowa ba.

Akwai kuma ranar da buhun fulawa zai tashi, mai gida ya ga kyautar ta yi masa nauyi. A nan ne wa'adin wata uku yake amfani. Ana iya sauya sharaɗi a sabon bugu, a sanar a bakin kanta, amma katin da ke hannun mutane a cika masa abin da aka rubuta a kansa har wa'adinsa ya ƙare. Wanda ya tara hatimi goma sha ɗaya aka ce masa an daina, ba katin kaɗai zai yar ba, zai sauya gidan burodi, kuma maƙwabtansa za su ji labari. Kati ba ya gyara burodin da ya kwana ko wanda aka rage wa nauyi, aikinsa shi ne ya riƙe wanda dama burodin ya yi masa. Mai son gwadawa ya fara da kati 200 da littafi ɗaya, ya bar alƙaluman wata uku su faɗa masa ko ya ci gaba.