Randa da tukwane uku: yadda za a nuna wa yaran firamare inda zafi yake tafiya

A zangonnin Salaga, Yendi da Bawku, da wuya ka sami yaron da bai taɓa shan ruwan randa ba. Amma tambayi ɗan aji huɗu me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, zai ce maka "ai ƙasa sanyi gare ta." Idan ɗaliban JHS suka zo mini da maganar shirya baje kolin kimiyya don ƙannensu, wannan amsar nake sa su kama. Amsar kuskure ce, kuma za a iya gyara ta cikin yini ɗaya.

Magana ɗaya tak za a koyar: ruwa idan yana bushewa, yakan tafi da zafi. Randa tana tsattsafo da ruwa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta ɗauke shi, shi kuma ya ɗebi zafin abin da ke ciki. Cokalin shayi guda na ruwa, wato mililita 5, in ya bushe, zafin da ya ɗauka ya kai a sauke lita guda da kusan digiri 3.

Da wannan ne Mohammed Bah Abba, malami daga jihar Jigawa a Najeriya, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don ajiye gauta da tumatir ba tare da lantarki ba. Ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Sunansa ya cancanci layi ɗaya a ƙasan fosta, kar a wuce haka.

Ga yadda nake so a tsara teburin. A nemo tukwanen ƙasa manya uku da ƙanana uku, marasa fenti, domin fenti yana toshe ƙofofin. A sa kowace ƙarama cikin babba, a cike tsakaninsu da yashi mai kaurin yatsu biyu. Ta farko yashinta busasshe. Ta biyu a jiƙa. Ta uku ma a jiƙa, amma a naɗe ta ruf da leda. A sa kwalbar ruwa rabin lita da ma'aunin zafi cikin kowacce, a rufe bakin, a jera su a inuwa guda inda iska ke ratsawa. Duk ruwan ya fito daga bokiti ɗaya da ya kwana a ajin.

Ta ukun nan ita ce ainihin darasin, kuma ita aka fi mantawa da ita. In babu ita, yaro zai tafi gida da cewa jiƙaƙƙen yashi ne mai sanyi, shi ke nan an musanya masa kuskure da kuskure. Amma in ya ga tukwane biyu duk a jiƙe, ɗaya ta yi sanyi, wadda aka hana shan iska kuwa tana nan kusa da busasshiyar, da kansa zai ce, "Malam, iskar ce!" Daga nan sai a kai shi ga bushewar.

Ƙananan su riƙa karanta ma'aunin kowace awa, daga ƙarfe 9 zuwa 2, suna rubutawa da hannunsu a jadawalin da aka bari fili a fostar. Kafin a fara, kowa ya ɗaga hannu ya zaɓi tukunyar da yake zaton za ta ci. Fostar kuwa kwali ɗaya ya isa: tambayar a sama da manyan baƙaƙe, Hausa da Turanci, hoton tukunya a tsage, da kibau masu nuna ruwa yana fita. A kula da kibau ɗin nan. Yara masu zane suna son nuna sanyi yana shiga, alhali zafi ne yake fita.

Sai maganar lokaci, wadda kan iya ɓata aikin gaba ɗaya. Busasshiyar iska ce ke shan ruwa. In zafi ya kai digiri 35 kuma ɗanshin iska kashi 20 cikin ɗari ne, iyakar inda bushewa za ta iya saukar da abu wajen digiri 19 ne, tukunya kuwa ba za ta kai nan ba. In zafin 30 ne, ɗanshi kashi 80, iyakar 27 ce kawai. Don haka daga Janairu zuwa Maris ya fi dacewa. Bawku tana da rangwame saboda raninta ya fi tsawo. Salaga da ke kudu damina tana riga isa gare ta, in aka kai watan Yuni tukwanen uku za su yi kusan kunnen doki, yara su ce ƙarya aka yi musu.

Akwai gwajin minti biyar da zai gaya maka ko ranar ta dace. Ɗauki ma'auni biyu, naɗe kan ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka yi musu fifita. In bambancinsu bai kai digiri 5 ba, a ɗaga baje kolin. In kuwa bambancin ya yi yawa amma tukunya ta biyu ta ƙi sanyi, taɓa bayanta. In ka ji shi a bushe, ko dai yashin yana neman ƙarin ruwa, ko tukunyar ba ta tsattsafowa, sai a canza ta tun kafin ranar.