Kuɗin Kashewa a Ofis: Yadda Bauca ke Tsare Akwati

A kowane ƙaramin ofis akwai hidimomin da ba a rubuta musu cek: man janareta, kuɗin Keke, ruwan leda na baƙi. Ɗaya-ɗaya ba su taka kara sun karya ba, amma ta nan kuɗi suka fi zurarewa. Maganin da akantoci suka daɗe da shi shi ne tsarin impires, wato a danƙa wa mutum ɗaya ƙayyadadden kuɗi, duk abin da ya kashe a mayar masa daidai.

A ɗauki misalin ofishin wata makarantar kuɗi da ya ware naira 50,000 duk wata. Sakatariya ce ke riƙe da akwati, kuma ko sisi ba ya fita sai da bauca. Baucar 'yar takarda ce mai lamba bi da bi, ɗauke da kwanan wata, adadi, dalili, sa hannun mai karɓa da na wanda ya amince. Rasit kuwa a bayanta ake maƙala shi. Mai Keke ba ya ba da rasit, don haka sa hannun ɗan aike ne shaida.

Wata ya ƙare, an kashe 12,000 a fetur, 7,500 a takarda, 3,000 a zirga-zirga, 4,500 a ruwa, 6,000 a gyaran famfo. Jimla 33,000. Ke nan dole a tarar da 17,000 a akwati, domin a kowane lokaci tsabar kuɗi da baucoci in aka haɗa sai sun ba da 50,000.

Littafin sakatariya gefe biyu ne. A hagu take rubuta abin da ta karɓa, a dama abin da ya fita, kowace hidima da layinta. Akanta zai duba baucocin, ya buga musu hatimin an biya don kada a sake gabatar da su, sannan ya ba ta 33,000 cif, ba sabuwar 50,000 ba. Wannan cikon yana fita daga babban littafin kuɗi, ya shiga hagun nata, jimlar kowane layi kuma ta tafi asusun hidimarta.

To idan 15,000 aka tarar fa? Sau da yawa ba sata ba ce. Ko an ba ɗan aike 5,000 ya sayo na 3,000 bai kawo canji ba, ko wani babba ya ce "ara min, gobe zan mayar." Na biyun ya fi ɓarna, don sakatariya ba ta iya hana maigidanta, kuma takardar bashi ba bauca ba ce.

Ƙirgar bazata a tsakiyar wata ita ke tona irin wannan giɓi tun ana tuna wanda ya karɓa. Mai riƙe da akwati kuma kada ya zama shi ke amincewa da baucarsa.