Sauya Maganin Limoniya Daga Allurar Jijiya Zuwa Na Sha

Sau da yawa a asibitocin gwamnati akan ji dangin mai jinyar limoniya, wato ciwon huhu, suna ƙorafi idan an cire masa allurar jijiya aka ba shi ƙwaya. Wasu kan zaci an rage masa kulawa, har su kai kuka wurin dagaci ko kansila. Ya kamata jama'a su sani cewa galibi wannan sauyi shaida ce ta samun sauƙi.

Dalilin fara ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya shi ne halin da majiyyaci ya zo a ciki. Wanda yake haki, yana amai, ko ya fita hayyacinsa, cikinsa ba zai riƙe magani ba, alhali ana buƙatar maganin ya shiga jini nan take. Da zarar ciki ya soma karɓar abinci, ƙwaya irin su amoksisilin tana shiga jini yadda ake buƙata. Barin allura a hannu fiye da kima kuwa yana jawo kumburin jijiya da shigar wata cutar ta wurin hujin, ga tsadar magani da ƙarin kwanaki a gadon asibiti.

A ɗauki misalin manomi ɗan shekara 50 da aka kwantar ran Litinin, zafin jikinsa digiri 39, yana numfashi sau 32 a minti ɗaya. An sa masa seftiriyazon ta jijiya sau ɗaya a rana. Ran Laraba likita ya sake duba shi, domin akan yi wannan nazari bayan awa 48 zuwa 72. Zafin jiki ya sauko ƙasa da 37.8, ya kuma tsaya a nan kwana guda. Numfashinsa bai wuce 24 a minti ba, bugun zuciya bai kai 100 ba, iskar da ke cikin jininsa ta haura kashi 90 cikin 100 ba tare da na'ura ba. Yana magana daidai, ya sha kunu bai yi amai ba. Sai aka mayar da shi kan ƙwayar amoksisilin mai haɗe da kilabulanet. Tarin da ya rage bai hana sauyin ba, domin tari da kasala kan ɗauki makonni kafin su wuce.

Ana haɗa kwanakin allura da na ƙwaya a lissafi ɗaya, galibi kwana 5 zuwa 7 ga wanda cutar ba ta yi masa rassa ba. Ba a gaggauta sauyin idan mugunya ta taru a gefen huhu, ko ana zargin sanƙarau, ko amai da zawo ba su tsaya ba.

Bayan sallama a shanye maganin daidai da lokutan da aka rubuta, kada a ajiye saura domin wani. Idan zazzaɓi ya dawo, ko haki ya ƙaru, ko majiyyaci ya rikice, ko yana amayar da ƙwayar, a mayar da shi asibiti a ranar. Wanda tarinsa ya ƙi raguwa bayan ya gama magani, musamman idan yana ramewa da gumin dare, a kai majinarsa gwajin tarin fuka.